Ina son farashin dala da sefa ya riƙa shigo mini kowace safiya ba tare da na buɗe fayil ba

Mai Atamfa: Assalamu alaikum jama'a. Ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, kuma rabin masu sarin kayana daga Maraɗi da Damagaram suke zuwa, da sefa muke ciniki. Yarona ya buɗe mini teburin lissafi a Google Sheets inda nake rubuta farashin kaya. Kullum bayan asuba sai na duba nawa dala take, nawa jakar sefa take, in rubuta da hannu. Ranar da na makara ko na yi tafiya, layin ranar ya tafi ke nan babu komai. Abin da nake so shi ne adadin ya shiga da kansa kowace safiya, ko ban taɓa wayar ba, kuma na jiya da na shekaranjiya su zauna kada su goge. Ni sabon shiga ne, a yi mini a hankali.

Akawun Ofis: Wa alaikumus salam Alhaji. Wannan ai mai sauƙi ne. Ka shiga akwati ɗaya ka rubuta wannan:

```
=GOOGLEFINANCE("CURRENCY:USDNGN")
```

Zai ba ka dala da naira nan take. Sannan ka je File, ka shiga Settings, ka zaɓi Calculation, ka mayar da Recalculation zuwa "On change and every hour". Duk awa zai sabunta kansa.

Mai Atamfa: Na gwada yanzu, adadi ya fito, na gode. To gobe idan ya canza, na yau yana ina?

Malamar Kwamfuta: Na yau ya tafi, Alhaji, kuma nan ne gizo yake saƙar. Fomular da Akawu ya bayar daidai take, sai dai fomula madubi ce: abin da ke gabanta a yanzu take nunawa, ba ta riƙe fuskar wanda ya duba jiya. Ko ka ja ta ƙasa layi talatin, duk talatin ɗin farashin wannan lokacin za su nuna.

Maganar Recalculation kuwa, Akawu, ba ta shafi wannan ba. Wancan saitin na fomuloli huɗu ne kawai: NOW, TODAY, RAND da RANDBETWEEN. Masu ɗauko abu daga waje irin su IMPORTDATA da IMPORTHTML suna da nasu lokacin, kusan duk awa guda, kuma abin da Google ya yi alkawari shi ne suna dubawa muddin fayil ɗin yana buɗe. Alhaji kuma cewa ya yi ba ya son buɗewa.

Abu biyu ake buƙata. Na farko ɗan gajeren kod da zai je shafin da ke da farashin, ya ɗauko, ya rubuta adadin a sabon layi kamar yadda kai kake rubutawa da hannu, adadi tsurarsa ba fomula ba. Na biyu ƙararrawa da za ta tashe shi kowace safiya, ita ce ake kira tiriga. Duk biyun a kwamfutocin Google suke zaune, ba a wayarka ba. Ko wayar a kashe take, ko babu wuta a unguwa, ko data ta ƙare, aikin zai gudana.

Akawun Ofis: Na karɓi gyara a kan Recalculation, Malama. Amma ni na sha buɗe fayil ɗina da safe na tarar da sabon farashi. Ke nan yana aiki da dare.

Malamar Kwamfuta: Buɗewar da ka yi ita ta sa ya sabunta. Shi ya sa wannan abu yake ruɗar mutane: duk lokacin da ka leƙa don ka tabbatar, leƙen naka ne ya tashe shi.

Ɗan Wapa: Alhaji kada ka wahalar da kanka. Ka turo mini saƙo kullum in faɗa maka farashi, ko in saka ka a zauren da muke sanarwa. Waɗannan adadin na intanet ba da su ake ciniki ba.

Mai Atamfa: Na gode ɗan'uwa, ina da wanda nake kira a Wapa. Ba farashin da zan saya nake nema a nan ba, tarihi nake so ya taru mini don in ga inda abin ya dosa a wata. Malama, ina sauraro. Ina zan sa kod ɗin?

Malamar Kwamfuta: Da farko ka nemi kwamfuta, sau ɗaya kawai za ka buƙace ta. Manhajar Sheets ta waya ba ta da wurin da za mu shiga. Idan babu kwamfuta ana iya lallaɓawa da Chrome a waya a kunna Desktop site, amma rubutun yana ƙanƙancewa, da wuya ga mai farawa.

A cikin fayil ɗin ka buɗe sabon shafi a ƙasa, ka sa masa suna Farashi, daidai yadda na rubuta, da babban F. A layin farko ka sa kanu biyar daga A zuwa E: lokacin ɗaukowa, ranar farashin, dala da naira, dala da sefa, jakar sefa da naira. Kada ka rubuta komai a ƙarƙashinsu. Sai ka danna Extensions, ka zaɓi Apps Script. Wani shafi zai buɗe da ɗan rubutu a ciki, ka goge shi duka ka liƙa wannan:

```javascript
function daukoFarashi() {
  const amsa = UrlFetchApp.fetch("https://open.er-api.com/v6/latest/USD");
  const d = JSON.parse(amsa.getContentText());
  if (d.result !== "success") throw new Error("Ba a samu farashi ba");
  const shafi = SpreadsheetApp.getActiveSpreadsheet().getSheetByName("Farashi");
  const jaka = d.rates.NGN / d.rates.XOF * 1000;
  shafi.appendRow([new Date(), d.time_last_update_utc, d.rates.NGN, d.rates.XOF, jaka]);
}
```

Adireshin da ke ciki na ExchangeRate-API ne, kyauta ne ba sai da rajista ba, kuma sau ɗaya a rana yake sabunta adadinsa. Kafin komai ka liƙa adireshin a burauza ka gani da idonka. Za ka ga dogon rubutu cunkushe, ka nemi NGN da XOF a ciki. NGN naira ce, XOF sefar Nijar da maƙwabtanta na yamma. Abin da idonka ya gani shi kod ɗin yake karantawa.

Lissafin jaka kuwa ba wani abu ba ne. A ce dala ɗaya naira 1,500 ce, kuma dala ɗayan sefa 600 ce. Ka raba 1,500 da 600, ka samu naira 2.5 a kowace sefa, ka ninka sau 1,000, jaka ta zama naira 2,500. Misali ne kawai na bayar don ka iya bin sawunsa da kalkuleta idan adadin gaske ya fito.

Ka adana, sannan ka danna Run.

Mai Atamfa: Na je shagon maƙwabcina na yi. Amma wani gargaɗi ya fito, wai "Google hasn't verified this app". Gabana ya faɗi, na rufe. Kada a shiga asusuna.

Malamar Kwamfuta: Tsoron da ka ji a wurinsa yake, kuma ina so ka riƙe shi. Wannan gargaɗin yana fitowa ga duk kod ɗin da mutum ya rubuta wa kansa, domin Google bai duba shi ba. A nan kai ne mai manhajar, kai ne kuma mai ba ta izini. Ka danna Advanced, sai layin da ya fara da "Go to" ya ƙare da "(unsafe)", sannan ka karanta abin da take nema. Biyu ya kamata ka gani: taɓa teburan lissafinka, da haɗuwa da shafin waje. Idan wata rana wani ya ba ka kod na farashi ka ga yana neman shiga Gmail ko duk fayilolinka na Drive, ka tsaya ka tambaya. Wannan layuka takwas ne, kowa a zauren nan yana ganinsu. Tunda kuma kwamfutar maƙwabci ce, ka fita daga asusunka idan ka gama.

Mai Atamfa: Na bayar da izini. Yanzu jan rubutu ne: "Cannot read properties of null (reading 'appendRow')".

Ɗalibi Daga Zariya: Baba, sunan shafin ne. Kod ɗin ya nemi Farashi bai samu ba. Ka duba ko an rubuta da ƙaramin harafi, ko akwai tazara a bayan sunan.

Mai Atamfa: Allah ya yi maka albarka, "Farashin" na rubuta. Na gyara, layi ya shigo, har da jakar. Na buga a kalkuleta ya yi daidai.

Malamar Kwamfuta: Madalla. Saura ƙararrawa. A shafin Apps Script, gefen hagu, akwai hoton agogo, shi ne Triggers. Ka danna Add Trigger. Wurin zaɓen aiki ka bar daukoFarashi. Event source ka sa Time-driven, nau'in ka sa Day timer, lokaci ka zaɓi "6am to 7am". Akwai kuma Failure notification settings, ka mayar da shi "Notify me immediately" don imel ya zo maka da zarar abin ya gaza. Ka danna Save sau ɗaya. Idan ka kafa tiriga biyu, layi biyu za ka riƙa samu kullum.

Ka lura awa guda aka ba ka, ba minti ba. Google ne zai zaɓi mintin a tsakanin shida da bakwai, ya riƙe shi kusan haka kullum. In kana son adadin ya riga ka tashi, ka zaɓi biyar zuwa shida.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Ni ina bin zancen nan tun farko, mu ma irin matsalarmu ke nan amma ta wancan gefen. Zan ƙara abu ɗaya da ya same ni bara. Na kafa tiriga na shida zuwa bakwai, sai layin yake shigowa wajen sha ɗaya da wani abu na hantsi. Kwana huɗu ina tsammanin jinkiri ne na Google. Ashe fayil ɗin kwafi ne na wani da na samo, agogon kod ɗin yana kan New York. Shidan safe a can, a lokacin zafinsu, sha ɗaya ce a nan. Da sanyinsu ya shigo sai ta koma sha biyu. Agogon biyu ne: ɗaya a File, Settings na teburin, ɗaya a Project Settings na Apps Script, wurin hoton giyar inji mai haƙora. Tiriga na biyun yake bi. Alhaji ka tabbatar duka suna kan Lagos, mu kuma Niamey, lokacinmu ɗaya. Bayan na gyara sai na goge tirigan na kafa sabo.

Wani abu kuma, kwafi yana tafiya da kod amma ba ya tafiya da tiriga. Duk wanda ka ba kwafin fayil ɗinka sai ya kafa nasa.

Maman Biyu: Don Allah ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni kiwon kaji nake yi, akwai wani shafi da ke sa farashin abincin kaji da masara. Na sa IMPORTHTML kamar yadda aka nuna mini, sai "#N/A" yake ba ni, alhali ga teburin ina gani a shafin. Wannan kod ɗin zai yi mini?

Malamar Kwamfuta: Ba lallai ba, Maman Biyu. Shafuka da yawa fanko suke isowa, sai burauzarki ta gudanar da JavaScript sannan teburin ya bayyana. IMPORTHTML da UrlFetchApp dukansu fankon suke karɓa. Ga yadda za ki gane: ki buɗe shafin a kwamfuta, ki danna Ctrl da U tare, rubutun asali zai fito. Ki nemi wani adadi da kika gani a teburin, misali kuɗin buhu. In yana ciki, akwai hanya. In babu, sai a nemi inda shafin kansa yake ɗebo adadin, ko a tambayi masu shi ko suna bayar da fayil na CSV. Ki buɗe sabon zance a kai, ya fi ƙarfin a cusa shi nan.

Mai Atamfa: Jama'a barkanmu da safiya. Kwana biyu ya yi aiki lafiya lau, jiya da yau kuma babu komai. Imel bai zo ba. Ban taɓa kod ɗin ba.

Akawun Ofis: Wataƙila an ƙure iyaka. Na ji Google yana da adadin da yake yarda a yi a rana.

Malamar Kwamfuta: Akwai iyaka, amma Alhaji bai ko kusance ta ba. Asusun Gmail na kyauta yana da ɗaukowa 20,000 a rana, da minti 90 na aikin tiriga a rana, kowane gudu kuma kada ya wuce minti 6. Namu sau ɗaya ne, daƙiƙa kaɗan. Da iyakar ce ma, da imel ya zo. Alhaji, kada mu yi ta zato. A gefen hagu na Apps Script, ƙarƙashin agogon, akwai Executions. Duk gudun da aka yi yana rubuce a nan da lokacinsa. Me ka gani na jiya da yau?

Mai Atamfa: Duka biyun suna nan. Time-Driven, ƙarfe 6:24, kuma an rubuta Completed.

Malamar Kwamfuta: To ya tashi, ya ɗauko, ya rubuta. Tambayar ita ce a ina. Akwai wanda ya ƙara wani abu a shafin Farashi shekaranjiya?

Mai Atamfa: Yarona ya sa fomula a F, mai ƙara kashi biyu cikin ɗari a kan jaka. Ya ce ya ja ta har ƙasa don kada mu riƙa yi kullum.

Malamar Kwamfuta: Ka gangara can ƙarshen shafin, wajen layi na 1,000.

Mai Atamfa: Ikon Allah. Ga su nan, 1,001 da 1,002.

Malamar Kwamfuta: appendRow ba layin farko da babu komai a A yake nema ba. Layin ƙarshe da ke da wani abu a ko'ina cikin shafin yake dubawa, ya rubuta a ƙarƙashinsa, kuma fomula ko ba ta nuna komai ba ana lissafa ta a matsayin abu. Ka goge F gaba ɗaya, ka goge layukan da ke fanko a tsakani don biyun su hau sama. Daga yau shafin Farashi na kod ne shi kaɗai, kamar littafin da akawu ɗaya yake riƙewa. Duk lissafin riba a yi shi a wani shafin, a jawo jakar ƙarshe da wannan:

```
=INDEX(Farashi!E:E, COUNTA(Farashi!E:E))
```

Tana ƙirga akwatunan da ke cike a E ne ta ɗauko na ƙarshe, don haka tana buƙatar kada a bar giɓi a tsakani.

Ɗan Maraɗi: Masu saitin Faransanci irina, inda Malama ta sa waƙafi a fomular mu `;` muke sawa, in ba haka ba kuskure zai fito. A cikin kod ɗin kuwa ba a canza komai. Kuma ga hanyar gwada gaskiyar shafin: sefa ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Ka raba XOF da EUR na wannan rubutun, in bai ba ka wannan adadin ko dab da shi ba, akwai matsala a majiyar. Motsin da kake gani a D na dala da yuro ne.

Ɗalibi Daga Zariya: Malama, ina da tambaya. Me ya sa ba za mu bar GOOGLEFINANCE a akwati ɗaya ba, kod ɗin ya kwafe adadin kawai kowace safiya? Ni haka nake yi wata uku ke nan, bai taɓa ba ni matsala ba, kuma nasa farashin ya fi sabo, jinkirinsa bai wuce minti 20 ba. Wancan shafin tun tsakar dare yake sabuntawa.

Malamar Kwamfuta: Hanyarka tana yi wa mutane da yawa, ban ce ba ta yi ba. Ni na taɓa samun ranakun da abin da aka kwafe "#N/A" ne, shi ya sa na bar ta. Amma babban dalilina shi ne kolam B, na ranar farashin. Majiyarmu tana faɗin ranar da adadinta ya fito, muna rubuta ta kusa da lokacin da muka ɗauko. Idan A ta ce Laraba, B ta ce Litinin, Alhaji ya san abin da ya samu kwantai ne. A taka hanyar, in adadin yau ya zo daidai da na jiya, ta yaya za ka san kasuwa ce ba ta motsa ba, ko fomular ce ba ta farka ba?

Ɗalibi Daga Zariya: Ban taɓa ganin haka ba sai ranakun Asabar da Lahadi, kuma ai kasuwa a rufe take. Zan sa su biyun gefe da gefe wata guda in kawo sakamako. Amma shi ma shafin kyautar yana iya ƙin amsawa. Yana ƙayyade yawan buƙata daga adireshi ɗaya, mu kuma duk ta kwamfutocin Google muke fita tare da dubban mutane.

Malamar Kwamfuta: Gaskiya ne, yana iya dawo da lamba 429. In ya faru kod ɗin zai tsaya, ba zai rubuta komai ba, imel ya zo, Alhaji ya shiga ya danna Run da hannu ko ya bari sai gobe. In abin ya yawaita sai a yi rajistar kyauta a karɓi mabuɗi na kansa. Na fi son a rasa layi a sani da a samu layin da ba a san ranarsa ba.

Akawun Ofis: Mu da ofishinmu Excel yake amfani da shi fa? Na san Data, From Web, kuma akwai "Refresh data when opening the file".

Malamar Kwamfuta: Sunan ma ya faɗa: sai an buɗe. Har wanda ake sa wa mintuna sai fayil ɗin yana buɗe yake aiki. Wasu suna sa Task Scheduler na Windows ya buɗe shi da asuba, amma sai kwamfutar tana kunne da intanet a lokacin, ka kuwa san halin wutarmu. Ta Power Automate ana yi, sai dai matakin HTTP na masu biyan kuɗi ne. Wanda yake yi a ofishinsa ya zo ya yi mana bayani.

Ɗan Wapa: Ni dai har yanzu ina kan bakata. Yau adadin da ke teburin Alhaji da abin da muke bayarwa a hannu ba ɗaya ba ne, kuma tazarar ba kullum take daidai ba. Ranar da 'yan Nijar suka cika kasuwa sefa sauka take, ba ruwanta da abin da intanet ya ce.

Mai Atamfa: Ban musa ba. Abin da na yanke shi ne zan buɗe wani shafi daban in riƙa rubuta na hannu duk ranar da na yi canji, in ga ko tazarar tana da tsari. Yau kwana tara ke nan layi yana shigowa 6:24, har ranar da na kwana a hanyar Jibiya waya babu caji. Malama, idan na ƙara sefar Kamaru don masu zuwa daga Garwa, XAF zan sa a sabon kolam ko sai na sake wani kod?